Me ya sa ofishin kuɗi ke ta dawo min da takardar neman kuɗin da na kashe?

Tambaya: Salam. Don Allah masu aikin akanta ku taimaka min. Duk sanda na dawo daga tafiyar aiki na cika fom ɗin neman a mayar min da kuɗin da na kashe, sai takardar ta yi sati uku tana yawo, a ƙarshe a dawo min da ita wai in gyara. Rasit kuma duk ina haɗawa. Yaya ake jera kuɗin da rubuta dalili yadda za su sa hannu ba ja-in-ja?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na daɗe a kan teburin da irin takardarka ke sauka, to bari in fara gaya maka abin da ke faruwa a can ɓangaren, in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Wanda ke duba takardarka a ofishin kuɗi bai je tafiyar nan da kai ba, bai san wa ka gani ba, wataƙila ma bai san fuskarka ba, kuma akwai wasu takardun jibge a gabansa suna jira. Shi abin da ke ransa guda ɗaya ne, in ya sa hannu yau, bayan wata takwas odita ya zaro wannan takarda daga fayil ya ce me ya sa aka biya wannan, shin takardar za ta iya amsawa da kanta ko sai an nemo ka? Saboda haka kowane layi da ka rubuta tambaya uku yake masa: ina shaidar an kashe kuɗin, ƙa'idar ma'aikata ta yarda da shi, sannan a kasafin wane sashe ko wane aiki za a ɗora shi. Layin da ya amsa ukun nan sai ya yi masa alama ya wuce. Wanda ya kasa amsa ɗaya, to dole ya tsaya ya rubuto maka, kuma da ya tsaya takardarka ta koma ƙasan tulin, daga nan ne sati ukun naka ke farawa.

Bari in ƙirƙiro misali mu bi shi tare, alƙaluman na misali ne kawai, ka ɗauke su a kowane irin kuɗi kuke aiki da shi. A ce an tura ka wani gari kwana uku, 11 zuwa 13 ga Maris, ka koya wa ma'aikatan wani kwastoma yadda ake amfani da na'urar da kamfaninku ya sayar musu. An ba ka adibas na 800 kafin ka tafi. Abin da yawancin mutane ke kawo mana shi ne layi huɗu: sufuri 300, otal 412, abinci 260, sauran abubuwa 60, jimla 1,032, a wurin dalili kuma an rubuta "tafiyar aiki", sai rasitai a cukuikuye an danna musu ƙusa ɗaya. Mai wannan takarda ba ƙarya ya yi ba, ya kashe kuɗin da gaske, amma ni da ke dubawa sai na zauna na warware rasit ɗaya bayan ɗaya ina lissafin wanne da wanne ne suka haɗu suka ba da 300, in na haɗa kuma, har da tasin da ba shi da rasit, na samu 290 shike nan magana ta tsaya. Goman nan ba komai ba ce, shi dai ya cike ta ne don lissafi ya yi kyau, amma ba ni da ikon biyan abin da ba ya kan takarda, kuma da na ga goma ɗaya ta ƙi fita dole in fara zargin sauran layukan.

Ga yadda ya kamata tafiyar nan ta fito, rasit ɗaya layi ɗaya, a jere bisa kwanan wata, kowane layi da lambarsa:

1. 11 ga Maris, tikitin zuwa da dawowa, 240, rasit na 1
2. 11 ga Maris, tasi daga tasha zuwa otal, 25, rasit na 2
3. 11 zuwa 13 ga Maris, ɗakin otal kwana 2 a kan 180, 360, rasit na 3 (duba bayani)
4. 12 ga Maris, buga takardun horo kwafi 20 a kan 3, 60, rasit na 4
5. 12 ga Maris, cin abincin dare da mutanen kwastoma, mutum 4, 140, rasit na 5
6. 13 ga Maris, tasi daga otal zuwa tasha, 25, babu rasit (duba bayani)
7. 11 zuwa 13 ga Maris, alawus na abinci kwana 3 a kan 40, an cire 20 na daren 12, saura 100

Jimla 950, an cire adibas 800, abin da ake nema a biya 150.

Lambar nan ta kowane layi ka ɗauki biro ka rubuta ta a kusurwar rasit ɗin, ka jera su yadda layukan suke. Wannan ɗan abin da bai kai minti biyar ba wallahi shi ne ya fi komai saurin fitar da takarda, domin ido kawai zan bi, layi na 4 rasit na 4, 60 da 60, na wuce. Kuma ka lura duk inda akwai ninki na nuna shi, kwana 2 a kan 180, kwafi 20 a kan 3. Ƙa'idojin ma'aikatu galibi a kan ɗaya ake rubuta su, kaza a kowane dare, kaza a kowace rana, kaza a kowace kilomita in da motarka ka je, to in ka ba ni dunƙulallen adadi sai na raba da kaina kafin in san ko ka wuce iyaka.

Yanzu ka dubi bambancin, takardar farko 1,032, ta biyu 950, ina 82 ta shiga? Goma ita ce cikon nan na sufuri. Sauran 72 ɗin ita ce inda aka fi samun matsala, kuma 52 daga cikinta a takardar otal take ɓuya. Otal in za ka fita takarda ɗaya suke ba ka da jimla a ƙasa, amma a cikinta akwai abubuwa daban daban, a misalinmu ɗaki 360, abincin da ka ci a ɗaki daren farko 30, wanki 22. Wankin kwana biyu yawancin ma'aikatu ba sa biya sai doguwar tafiya, ka duba taku ƙa'idar. Abincin 30 kuma ai an riga an ba ka alawus na abincin wannan rana, in ka karɓi alawus ka kuma saka abincin a kuɗin otal ka karɓi kuɗin ciki ɗaya sau biyu ke nan. Haka daren 12, kamfani ya biya abincin da kuka ci da kwastoma a layi na 5, da kai a cikin mutum huɗun, to kason abincin dare na alawus ɗin wannan ranar ya faɗi, shi ne 20 ɗin da na cire. Kusan kowa da na taɓa kamawa da wannan ba da niyya ya yi ba, mantuwa ce, amma a idon odita sunansa biya biyu, kuma shi ne abin da aka fara koya wa duk wani sabon ma'aikaci a ofishin kuɗi ya nema. Abin da za ka yi shi ne ka ja layi a kan abubuwan biyu a takardar otal ɗin, ka rubuta a gefe "ba na nema, na kaina ne". In na ga mutum ya cire da kansa, gaskiya hankalina kwanciya yake, sauran layukan ma ba na tsananta musu.

Sai batun shi kansa rasit ɗin, tunda ka ce kana haɗawa amma ana dawo maka. Ina kyautata zaton abin da kake haɗawa ɗan siririn takardar nan ce da na'urar POS ke fitarwa, ko hoton alat na banki. Wannan shaida ce cewa kuɗi sun fita daga hannunka zuwa wani wuri, amma ba ta faɗi me ka saya ba. Rasit ɗin da ake so shi ne mai ɗauke da sunan mai sayarwa, kwanan wata, abin da aka saya ɗaya bayan ɗaya, da adadin kuɗi, in akwai haraji kamar VAT a nuna shi daban. Inda ya fi kyau ka haɗa biyun, na kaya da na biya, ka ba su lamba ɗaya. Akasin haka ma yana faruwa, mutum ya kawo takardar kama ɗaki da aka turo masa ta imel tun kafin ya tafi, ita kuma ta nuna farashi ne kawai, ba ta nuna ya kwana ko ya biya ba. Ta ranar fita ake so. In kuma kamfaninku na cikin masu karɓo harajin VAT da suka biya, to a manyan kuɗi irin na otal ka ce a rubuta takardar da sunan kamfani, domin a ƙasashe da yawa in ba haka ba ba za su iya nema ba, kuma za su dawo maka da ita ka koma ka karɓo wata. Wani abu kuma, irin takardar da na'urori ke bugawa da zafi take aiki ba da tawada ba, in ta kwana biyu a aljihu ko a gaban mota cikin rana sai ka ga ta koɗe ta zama fara fat. Ka ɗauki hotonta a take a wurin, duka kusurwa huɗu su fito.

To mu zo kan dalili, wanda shi ne mutane ke ɗauka sai an yi dogon turanci. Ba a son tsawo. A saman fom jimla ɗaya ko biyu ta isa, amma ta faɗi me aka je yi, wa aka yi wa, yaushe, wa ya ba da izini, kuma kasafin wa za a caja. Kamar haka: "Horar da ma'aikata 20 na kwastoma kan sabuwar na'urar da aka kai musu, 11 zuwa 13 ga Maris, bisa yarjejeniyar sayarwa. Manajan sashe ya amince ta imel ranar 4 ga Maris, kwafi na haɗe. A caji kasafin wannan aiki, lamba kaza." Ka ga 20 ɗin nan da na ambata ta riga ta kare layi na 4, ba mai tambayar me ya sa kwafi ashirin. Lambar kasafin kuma kar ka bar wurinta fayau kana cewa ai su sun sani, ba su sani ba, kuma ba a shigar da kuɗi a na'ura sai da ita. In ba ka san ta ba tambayi ogan ka kafin ka miƙa.

Yawancin layuka wannan dalilin na sama ya wadatar da su, tikiti da tasi ba sa buƙatar wani sharhi. Layukan da ke son nasu bayanin su ne waɗanda suka kauce wa ƙa'ida ko suke da kamar za su kauce, a misalinmu guda uku ne, 3 da 5 da 6, kuma nan ne ya kamata ka kashe lokacinka.

Layi na 3, a ce ƙa'idarku ta ce kar ɗaki ya wuce 150 a dare, kai kuma ka kama na 180, ka haura da 60 a kwana biyun. Kuskuren da ake yi shi ne a yi shiru da fatan ba za a lura ba. Za a lura, iyakar otal na cikin abin da muka haddace kamar sunanmu, a wasu wuraren ma na'ura ce ke ɗaga tuta da kanta. Kai ka riga mu faɗa: "Ya haura iyaka da 30 a kowane dare, jimla 60. Otal biyun da ke cikin iyaka a kusa da wurin aikin sun cika a ranakun, hoton shafin na haɗe. Na sanar da manaja ranar 9 ga Maris ya amince, saƙon na haɗe." Ka lura da abin da ke cikin bayanin nan, nawa aka haura, me ya jawo, ina shaida, wa ya yarda kuma yaushe. Yaushen nan yana da nauyi sosai, izinin da aka samu kafin a kashe kuɗi daban yake da wanda aka nemo bayan an dawo, na biyun sau da yawa sai ya hau sama wurin wani babba kafin a biya. In kuma ka san ba ka da hujja, kawai ɗakin ne ya yi maka, to ka nemi 150 a dare ka ɗauki 60 ɗin a aljihunka ka rubuta hakan, sai abin da za a biya ka ya koma 90, a yi ta ta ƙare. Na sha ganin mutum ya bar kuɗinsa masu yawa sun maƙale wata guda saboda yana jayayya a kan ɗan abin da ya san ba zai ci ba.

Layi na 5, ciyar da baƙi, shi ne layin da ofishin kuɗi ya fi sa wa ido a ko'ina, saboda ta nan aka fi shigo da cin abincin abokai, kuma a ƙasashe da yawa hukumar haraji na masa hukunci daban da sauran kuɗin tafiya, shi ya sa muke shigar da shi a wani gurbi na daban. Kar ka taɓa narkar da shi cikin "abinci". Ka rubuta sunayen waɗanda suka ci, da inda kowa ke aiki da muƙaminsa, da abin da aka tattauna a taƙaice, misali tsara zagaye na biyu na horon. Mutum 4 a kan 140 ya kama 35 kowanne, ni abin da zan fara lissafawa ke nan, to ka sauƙaƙa min ka rubuta. In akwai wani abu a rasit ɗin da ƙa'idarku ta hana biya, ka ja masa layi ka cire kamar yadda muka yi wa wanki.

Layi na 6, babu rasit. Wannan na faruwa da kowa, wani direban ba shi da shi, wani lokacin kuma ya faɗi. Kusan kowace ma'aikata na da hanyar da ta tanada, ko wani ɗan fom na ɓatan rasit da za ka sa hannu oganka ma ya sa, ko wani ƙaramin adadi da ake yafewa a ƙasa da shi. Ka bi wannan hanyar, ka rubuta rana, daga ina zuwa ina, nawa, da dalilin rashin rasit ɗin. A misalinmu ma kana da abin da zai tsaya maka, layi na 2 hanya ɗaya ce kuma 25 ce da rasit ɗinta, sai ka nuna shi. Abin da nake roƙonka da Allah kar ka yi shi ne ka samo farar takardar rasit ka cika da hannunka, ko ka sa wani ya rubuta maka. Muna gane su fiye da yadda mutane ke zato, rubutun hannu iri ɗaya da na kan fom, ko rasit biyu na ranaku daban amma lambobinsu na bin juna, ko biro ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Rashin rasit na 25 ƙaramin abu ne da ake warwarewa da sa hannu ɗaya, rasit na bogi kuwa ko na 25 ne maganar ta bar ofishin kuɗi ta koma ta ladabtarwa, ana rasa aiki a kan haka.

Adibas kuma kar ka manta da shi, takardar farkon nan ba ta ma ambace shi ba. A littafinmu 800 ɗin nan bashi ne a kanka har sai ka kawo lissafi, saboda haka ka rubuta shi ƙarara da ranar da aka ba ka da lambar takardar biyan in kana da ita, ka cire shi daga jimla. In da abin da ka kashe bai kai 800 ba, sai ka mayar da canjin ka haɗa shaidar mayarwa, don wurare da yawa ba sa ba da sabon adibas sai an rufe tsohon. In tafiyar ta ƙasar waje ce ka rubuta adadin da kuɗin da ke kan rasit, sannan farashin canjin da ka yi amfani da shi da inda ka samo shi, mafi sauƙin karewa shi ne abin da bankinka ya cire a zahiri kamar yadda ya fito a bayanin asusu, sai dai in ma'aikatarku na da nata farashin da ta tsayar. Jimla kuma kar ka yi ta da ka, in a Excel kake ka bar `=SUM(E2:E8)` ya yi, ka kuma tabbata adadin da ke kan fom shi ne dai wanda ke kan jadawalin.

Saura lokaci. Akwai wa'adin miƙawa a kusan ko'ina, wasu kwana 30 wasu ƙasa da haka, yana cikin takardar ƙa'idarku, in ka wuce shi sai an nemi izini na musamman ko da komai naka daidai ne. Ban da wannan, ofisoshin kuɗi da yawa ba kullum suke biya ba, suna da ranar da suke tura kuɗi a dunƙule, sati sati ko bayan sati biyu, kuma ƙarshen wata da farkon sabo suna can sun duƙufa rufe littafi ba mai ɗaga kai. Ka je ka tambayi wanda ke karɓar takardun, wace rana kuke biya, kuma zuwa yaushe takarda za ta iso ta shiga wannan zagayen? Za su gaya maka, mu ma mun fi son mai tambaya. Sannan ka bincika ko sati ukun nan ma a wurinmu takardar ke yinsa, don sau da yawa tana kan teburin oganka ne tana jiran sa hannu, mu ba mu ma gan ta ba ana ta zaginmu. Ka kai masa da kanka ka tsaya ya sa, kuma kar ka zama kai ka nema kai ka amince ko da kai ne mai riƙe da kasafin, dole wani na sama da kai ya sa hannu.

In ta imel ko manhaja kuke turawa, ka haɗa komai a fayil ɗaya na PDF, fom a gaba, sai izini, sai rasitai bisa lambarsu, kar ka turo hotuna goma sha biyu wasu a kife. In duk da haka aka tsaya a kan layi ɗaya, ka amsa wannan layin kaɗai da lambarsa, kar ka sake turo sabon fom gaba ɗaya sai in su suka ce, don kwafi biyu na takarda ɗaya na sa a riƙe duka biyun har a tabbatar ba za a biya sau biyu ba. Kuma ka tambaye su ko za su iya biyan layukan da ba su da matsala yanzu a bar ɗayan ya biyo baya, wurare da yawa suna yarda, sai dai ba sa yi sai ka nema.